Tayin da Aka Sallama

Turmin atamfa sittin ne ruwa ya ɓata. Na ƙirga su sau ba adadi a wannan daminar, kamar ƙirgar za ta rage su, amma kullum sittin ɗin nan suke.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai, ina riƙe da kantin wani kamfani a bakin kasuwar Madawa. Atamfa muke sayarwa da akoko da sukari da shayi da sabulu da kananzir. A lokacin ba a ba mutum makullin kanti don kyan fuskarsa, sai ya ajiye kuɗin jingina, jika ashirin da biyar. Ni kuwa ban da takardar lakwal, wato makarantar boko, da dogon baki ba ni da komai. Wana ne, wanda yake noma da kiwo a Galma, ya kora bijimai uku kasuwa ya kawo mini kuɗin a ƙulle cikin tsumma. Sharaɗin kamfani a rubuce yake: duk ɓarnar da ta zo ta hanyar sakacin mai kanti, daga jinginar za a cire, in kuma ta cinye jinginar, a karɓe makulli.

Sakacin kuwa nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Tun da bazara kamfani ya aiko da kuɗin yaɓen soron mangaza, ɗakin da muke ajiye kaya a bayan kanti. Matata ta haihu a watan, na ce bari a yi suna tukuna, magini ba guduwa zai yi ba. Aka yi suna, kuɗin yaɓe ya bi rago. Da ruwa ya sauka da ƙarfi, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro ya nemi hanya, bai kuwa sami hanya ko'ina ba sai daidai kan dilolin atamfa. Jan ruwan laka ne. Ya ratsa ninkin kowane turmi, ta yadda in ka warware shi za ka ga tabo iri ɗaya yana maimaita kansa tun daga farko har ƙarshe. Na shanya, na kakkaɓe, hunhuna ta riga ta kama. Sai na yi abin da wawa yake yi: na jera su a ƙasa, na ɗora masu kyau a sama, na ja bakina na yi shiru har aka yi girbi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarshen shekara ya zo, kamiyon kamfani, babbar motar kaya, ya sauke mana mai lissafi daga Maraɗi don ƙirgar kaya. Mutumin Dahome ne, siriri, mai tabarau, da alƙalami biyu a aljihun gaba. Mushe muke ce masa kamar yadda ake ce wa duk mai wando da takarda, kuma a ranar na so ƙwarai sunan ya bi shi. Ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu. Mutum ne dai da ba ya tsallake ko ƙwayar ashana. Faransanci muke yi da shi, amma yana jin Hausar kasuwa fiye da yadda yake nunawa.

Ya ƙirga sukari, ya ƙirga sabulu. Da muka shiga mangaza bai ko dubi turamen sama ba. Ya tsaya ya shaƙi iska, ya ce a sauke duka.

Aka baje su a tabarma. Ya ware ashirin waɗanda takardar naɗinsu kawai ta jiƙe da ɗan gefe, ya ware sittin ɗin nan gefe guda. Na riga na rubuta duka tamanin a takardar ƙirga a kan kuɗin sayensu, jika guda kowane turmi, wato dala ɗari biyu, har da kuɗin mota zuwa Madawa. Na nuna masa rasit. Na ce ga abin da kamfani ya biya, ni ban ƙara ba ban rage ba.

Ya ce ya ga rasit, amma rasit labarin jiya ne. Ya zauna a kan akwatin sabulu ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Kaya, in ji shi, farashi biyu ake duba musu a ƙarshen shekara: abin da aka saye su, da abin da za su kawo in an sayar da su yadda suke a yau, bayan an cire abin da za a kashe wajen sayarwar. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi ake rubutawa. Ashirin ɗin can, ya ce, ko an rage musu za su tafi a dala ɗari biyu da talatin, sun haura kuɗin saye, don haka a bar su a ɗari biyu. Su sittin ɗin nan fa, wa zai ba da ɗari biyu?

Na ce to, ai sukari ya yi tsada tun da aka kawo shi, shayi ma haka. Abin da ke cikin kantin nan na sukari kaɗai, in an sayar a farashin yau, ribarsa ta toshe rabin wannan ramin. A haɗa mana, a yi ragi da ƙari.

Ya girgiza kai. Ribar da ba ta shigo hannu ba, ba a rubuta ta, sai ranar da aka sayar. Hasarar da ido ya gani kuwa yau ake rubuta ta, ba a jira. Kuma kowane irin kaya da layinsa, sukari ba ya ɗaukar nauyin atamfa.

Na ce wannan wace irin shari'a ce, mai kunne ɗaya, tana jin mugun labari ba ta jin mai daɗi? Ya ce shari'ar da take hana mai dukiya cin abin da ba shi da shi ce. Na so in shaƙe shi. Abin haushin shi ne ko a lokacin na san gaskiya ya faɗa.

Ya sa aka kira wata tsohuwar dillaliya da ta fi shekara talatin tana yawo da zannuwa a ka. Ta warware turmi ɗaya, ta ɗaga shi a rana, ta shinshina, ta ja gefen da yatsu ta ji ko zaren ya mutu.

Ta ce, "Nan cikin gari ba mai ɗaura wanga. Sai ƙauye, wajen Buza ko Garhanga, inda mata ka son na zuwa gona. In Allah ya yi maka gyaɗar dogo, dala ɗari."

"Inna, dubi da kyau," na ce mata. "Zanen ai bai mutu ba."

Ta ce, "Ɗana, na duba. In na hwaɗi ɗari da goma na yi maka ƙarya."

Mushe ya cire dala biyar na la'adar dillali, ya cire biyar na ɗauko zuwa kasuwannin ƙauye, saura tasa'in. Daga ɗari biyu zuwa tasa'in, kowane turmi ya faɗi da dala ɗari da goma. Sau sittin, jika talatin da uku. Na yi lissafin a kaina kafin alƙalaminsa ya gama. Jinginata ashirin da biyar ce. Bijiman wana sun tafi ke nan, makulli ya tafi, ga bashin jika takwas a wuyana, ga jariri a ɗaki.

Na yi masa magiya. Na yi rantsuwa cewa tsohuwar nan gigin tsufa take yi. Na ce ni ɗan kasuwar nan ne, na san masu sari da za su kwashe su kusa da kuɗinsu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba ya son ya zalunce ni. Jibi kasuwa ce, a fito da su gaban kanti a ji abin da masu saye za su taya. Amma kada in kawo masa mace ɗaya da ta ga turmi ɗaya ya burge ta, wannan ba ya nuna kuɗin sittin. Har zuwa jibin, fensir zai sa, ba tawada ba.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Washegari da sassafe na hau keke na nufi Galma.

Na sami wana a bayan gida yana ɗaure damman dawa. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma mutum ne da kalmominsa a yini ba su cika tafin hannu ba. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da kuɗin yaɓe. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Sannan na kawo dabarata. Ya sa babbar riga, ya naɗa rawani ya ja amawali kamar baƙon falke, ya zo gobe ya taya duka sittin ɗin a dala ɗari da tamanin. Ni ne mai kanti, ni zan amsa. Zan ce albarka, ya juya ya tafi. Mushe ya ji da kunnensa an taya ɗari da tamanin har mun ƙi, sai ya rubuta haka, hasara ta dawo jika shida.

Ya daɗe yana murza igiya a hannunsa.

Ya ce, "Kana so in tahi cikin mutane in tayi abin da ba ni saye."

"Yaya, tayi ne kawai. Tayi ba saye ba ne. Kowa na tayi ya wuce."

"Ni ban taɓa ba."

Na kama ƙafarsa. Ina da shekara ashirin da takwas, da gemu, na yi kuka kamar an ƙwace mini tuwo. Na ce in an karɓe makullin nan ba ni da fuskar da zan zauna a Madawa, kuma bijimansa nake son in ceto masa. Wannan na ƙarshen rabin gaskiya ne, kaina nake ceto. Ya janye ƙafarsa a hankali ya ce, "Tashi. Allah shi kai mu goben."

Ranar kasuwa, da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi gaban kanti aka jibge turamen. Mutane suka taru, don kayan kamfani a ƙasa abin kallo ne. Mushe ya sa kujera a bakin ƙofa, takarda a cinya. Wata ta taya saba'in, na ce albarka. Wani mai jaki daga Azarori ya ce tamanin, in zai ɗauki goma. Albarka. Wani ya kai tasa'in da biyar a turmi biyu da ya zaɓa, ya tsaya nan. Duk tayin da aka yi sai in ji alƙalamin nan yana ƙara a bayana.

Sai ga wana ya ratso taron, cikin rigar da yake zuwa Idi da ita, amawali har hanci. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya juya turmi ɗaya sama-sama. Ko warware shi bai yi ba, don bai san yadda masu sari suke yi ba.

Ya ce, "Guda nawa na?"

Na ce sittin.

"Na taya dut, ɗari da tamanin-tamanin."

Aka fara gunaguni. Tsohuwar dillaliya ta riƙe haɓa. Na ja numfashi, na buɗe baki, harshena ya riga ya ɗauko kalmar, sai na ji murya daga bayana, da Hausa tsantsa:

"An sallama."

Na juya. Mushe ya miƙe tsaye, ya cire tabarau. Ya maimaita da ƙarfi don kowa ya ji, kayan kamfani ne, shi ne wakilin kamfani, an sallama. Zai wuce Buza da Keita ƙirgar wasu kantuna, ya dawo kasuwa mai zuwa, a kawo kuɗi ranar, jika hamsin da huɗu.

A nan ne ya kamata in yi magana. Kalma huɗu ta isa: wana ne, ƙarya ce. Da an yi mini dariya, da an karɓe makulli, da komai ya tsaya a kaina. Na dubi taron, na dubi makullin da ke rataye a ƙuguna, bakina ya ƙi buɗewa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Wana ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, yana jira. Da ya ga ba abin da zai fito, sai ya miƙa wa Mushe hannu.

Ya ce, "Na saya. Allah shi sa albarka."

Mutanen wurin suka ce amin, suka shaida.

Na cim masa a bakin gari, wajen da ya ɗaure jakinsa. Na ce kada ya damu, zan gyara, zan je in faɗa wa Mushe gaskiya a warware cinikin. Yana kwance igiya bai dube ni ba.

"Lokacin hwaɗin gaskiya ya wuce, can gaban mutane. Yanzu in ka warware, mi za a ce? A ce ɗan gidanmu ya rufe huska ya zo kasuwa yin ƙarya. Ni da bakina nic ce na saya."

"Yaya, jika hamsin da huɗu ne. Ina za ka samo?"

"Garke."

Shanu bakwai suka rage masa a duniya.

Duk da haka na koma wurin Mushe, na rufe ƙofar kanti, na faɗa masa komai. Ya ce ya sani. Tun da mutumin ya yi sallama ya ji muryarsa irin tawa ce, kuma ba a taɓa yin falken da zai sayi turmi sittin bai warware ɗaya ba. Ya sallama ne saboda yana da tabbacin mutumin zai ja da baya, ya ce zai je ya yi shawara, kamar yadda masu tayin ƙarya suke yi ko'ina. Daga nan sai ya rubuta tasa'in, ba tare da ya kunyata ni da bakinsa ba.

Na ce wana ba zai ja da baya ba.

Ya ce kowa yana ja da baya a kan jika hamsin da huɗu.

Na ce ba ka san shi ba. Na roƙe shi ya janye sallamar da kansa. Ya goge tabarau. Ya ce shi ma'aikaci ne kamata, ba shi da ikon mayar wa kamfani da ciniki na ɗari da tamanin zuwa tasa'in bayan kasuwa ta shaida. In mai saye ya fasa, shi ba zai bi shi ba, ko kalma ba zai ce ba. In kuwa ya kawo kuɗi, to ciniki ne na gaskiya, a haka zai shiga littafi. Ya ce in je in shawo kan ɗan'uwana, ina da kwana bakwai.

Sau uku na je Galma a kwana bakwan nan. Na kai masa limamin garinsu, na kai masa ƙanwar mahaifiyarmu. Liman ya ce masa ciniki irin wannan ana iya warware shi in ɓangare biyu sun yarda, babu zunubi. Wana ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya raka shi har ƙofa. A zuwana na uku na tarar da turaku shida babu komai a kansu.

Ranar kasuwa ya zo da kuɗin da raƙumi biyu na haya don kwashe kayan. Mushe ya ƙirga, ya ɓata ƙirga sau biyu, shi da ba ya kuskure. Ya goge fensir ya sa tawada: an sayar da turmi sittin a ɗari da tamanin, hasara jika shida, a cire daga jingina. Littafi ya daidaita, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Makulli ya zauna a ƙuguna. Da zai hau kamiyo ya ce mini da ya san haka mutanen nan suke, da tasa'in ɗinsa ya rubuta tun ranar farko ya huta.

Wana ya shekara yana yawo da turamen nan a kan jaki, Buza, Keita, Garhanga, duk inda kasuwa take ci. Wani ɗari, wani tasa'in da biyar, wani tamanin, ga la'ada ga cin hanya. Tsohuwar dillaliya ba ta yi gigi ba. Na zauna wata rana na lissafa: jika ashirin da bakwai ya yi hasara, in ka haɗa da shidan da aka cire mini, talatin da uku cif, daidai abin da Mushe ya rubuta da fensir. Ko dala ɗaya dabarata ba ta rage ba. Da na yi shiru na karɓi hukuncin littafi, ashirin da biyar kawai wana zai rasa. Kuɗin turamen kuma da yake a tsittsinke suka riƙa shigowa, a tsittsinke suka tafi, hatsi, haraji, magani. Ba su sake zama saniya ba.

Duk wata ina ware wani abu daga albashina in kai masa. Wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya ce in kai wa mai jego. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba.

Bayan kamar wata biyar da cinikin, da zafin bazara, na je gaishe shi. Saniya ɗayan da ta rage ba ta da ɗa a lokacin. Muna zaune a zaure sai matarsa ta shigo da ƙwarya, tana ɗaure da ɗaya daga cikin zannuwan, jan tabon nan ya bi ta gefe har ƙasa. Ta durƙusa ta ajiye a gabana. Gidan da tun tasowata baƙo bai taɓa shan fura ba sai ludayi ya tsaya a cikinta don kauri, yau da ruwa aka dama.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, ƙanena, ba mu da nono kwanan ga."

Na ɗauki ludayi. Wana yana gyara wata tsohuwar igiya a gwiwarsa, ya ce in sha mana, rana ta yi zafi. Na sha har ƙasan ƙwarya. Da na ajiye sai ya ɗago kai.

Ya ce, "An yi yaɓen soron bana?"